Yadda ake jera bayanai a kan taswira don zaɓar wurin gina sabon asibiti, mataki-mataki

Ma'aikatan sashen lafiya na ƙananan hukumomi da ɗaliban ilimin taswira sun yi ta maimaita tambaya guda: idan kuɗin da ake da shi na gina asibiti ɗaya ne kacal, ƙauyuka kuma kowanne yana cewa a kawo masa, ta yaya ake amfani da GIS, wato tsarin jera bayanai a kan taswira a kwamfuta, a gano inda ya fi dacewa? Aikin ba shi da wuyar fahimta. Ka ɗauka kana da fallayen leda masu haske, a kan ɗaya an zana inda mutane suke, a kan ɗaya asibitocin da ake da su, a kan wata hanyoyi, a kan wata inda ruwa yake kwanciya. Idan ka ɗora su a kan juna daidai wa daida, za ka ga inda jama'a suka yi yawa, asibiti ya yi nisa, hanya na zuwa, ruwa kuma ba ya ci. Kowane falle shi za mu riƙa kira shimfiɗa, a allon kwamfuta kuma sunansa Layer.

Za mu bi aikin da misalin mazaɓa ɗaya a yankin fadama, irin waɗanda ke gaɓar kogin Haɗeja a jihar Jigawa. Alƙaluman mazaɓar na koyarwa ne, mun ɗauke su ne domin a ga yadda lissafin yake tafiya.

Kayan aiki da abin da za a kashe

Manhajar QGIS kyauta ce, ka sauke wadda aka rubuta wa LTR domin ta fi tsayawa da ƙafarta. Kwamfutar tafi-da-gidanka mai RAM 8GB ta isa aikin ƙaramar hukuma guda. Sai wayar Android mai GPS da manhajar KoboCollect ko QField don ɗauko wurare a fili. Bayanan da za a sauke su ma kyauta ne. Inda kuɗi yake tafiya shi ne datar intanet, man babur, da alawus ɗin mutanen da za su zagaya ƙauyuka. Wanda hannunsa ya faɗa zai iya gama aikin kwamfuta na mazaɓa ɗaya cikin kwanaki kaɗan, amma zagayen fili yakan ci fiye da haka, kuma shi ne wanda ake yawan yanke wa kasafi, alhali shi ne ginshiƙin aikin.

1. Rubuta tambayar kafin ka kunna kwamfuta

Wane irin asibiti za a gina, kuma don su wa? Ƙa'idojin hukumar kula da lafiya a matakin farko ta ƙasa, NPHCDA, sun raba su gida uku: ƙaramin wurin shan magani na ƙauye mai mutum 500 ko ƙasa da haka, asibitin sha-ka-tafi mai kula da mutum 2,000 zuwa 5,000, da cibiyar lafiya ta mazaɓa mai kula da 10,000 zuwa 20,000. A misalinmu cibiyar da za ta karɓi haihuwa dare da rana ake son ginawa. Nisan da aka saba aunawa da shi kilomita 5 ne, wato tafiyar kusan awa ɗaya a ƙafa ga mai lafiya.

Saboda haka tambayar ta zama: a ina za a sa cibiyar domin mafi yawan mutanen da yanzu suke nesa da kilomita 5 daga asibiti mai aiki su iya isa gare ta, har da damina? Ka rubuta wannan a takarda, shugaban sashen lafiya da kwamitin ci gaban mazaɓa su amince da shi tun yanzu. Idan aka bari sai taswira ta fito kafin a tsayar da ma'auni, kowa zai nemi ma'aunin da zai kai ginin garinsu.

2. Tara shimfiɗu

Ga shimfiɗun da suke dole. Iyakokin mazaɓu, matsugunai da ƙiyasin yawan jama'a ana samunsu daga shafin intanet na GRID3. Ƙiyasin jama'ar yana zuwa ne a matsayin hoto mai gidaje-gidaje kamar na dara, kowane gida kusan mita 100 a tsawo da faɗi, a cikinsa kuma akwai lambar mutanen da ake zaton suna zaune a wurin. WorldPop ma tana ba da irinsa. Jerin asibitoci yana nan a rajistar cibiyoyin lafiya ta ma'aikatar lafiya ta tarayya da kuma GRID3. Hanyoyi da koguna daga OpenStreetMap ake ɗaukowa, ta hanyar QuickOSM a cikin QGIS ko daga Geofabrik. Don sanin inda ruwa ya taɓa kwanciya akwai Global Surface Water, wanda aka haɗa daga hotunan tauraron ɗan'adam na Landsat tun daga 1984.

Hattara: kada ka yanke bayanan a kan iyakar mazaɓa daidai. Mara lafiya ba ya duba iyaka. Idan akwai asibiti mai aiki kilomita 2 a cikin mazaɓar maƙwabta, mutanen bakin iyaka can suke zuwa, kuma idan ka yanke shi taswirarka za ta nuna su a matsayin marasa asibiti. Bayan ka mayar da iyakar kan ma'aunin mita kamar yadda mataki na uku zai nuna, ka faɗaɗa ta da kilomita 10 ta kowace fuska, ka yanke dukkan shimfiɗu da wannan faɗaɗɗen kewaye ta amfani da Clip da Clip raster by mask layer.

3. Daidaita ma'aunin taswira

Yawancin bayanan da ka sauke suna kan EPSG:4326, wanda yake auna wuri da digiri. Digiri ɗaya kusan kilomita 111 ne. Wanda ya rubuta 5 a akwatin nisa yana nufin kilomita 5, alhali shimfiɗar tana kan digiri, zai sami da'irar da ta haura kilomita 550, ta haɗiye jihohi da dama. Dole a mayar da komai kan ma'aunin mita.

Ma'aunin mitar da ake amfani da shi sunansa UTM, kuma arewacin Nijeriya ya ratsa yankunansa uku. Daga digiri 6 zuwa 12 na gabas, inda Kano, Jigawa, Katsina, Kaduna da Bauchi suke, EPSG:32632 ake amfani da shi. Yamma da digiri 6, kamar Kebbi da birnin Sakkwato, EPSG:32631. Gabas da digiri 12, kamar Maiduguri da Yola, EPSG:32633. Ɗigo, layi da kewaye ana juya su da Reproject layer.

Hattara: QGIS yana nuna shimfiɗu masu ma'auni daban-daban a kan juna kamar sun daidaita, domin yana juya su ne a ido kawai. Kada wannan ya ruɗe ka. Haka kuma Set Layer CRS ba ya juya komai, laƙabi kawai yake canjawa, kuma yakan jefa shimfiɗar wani wuri daban.

Shimfiɗar jama'a tana buƙatar kulawa ta musamman. Lambar da ke cikin kowane gida adadin mutane ce, don haka idan aka juya ta da hanyar da ke kwafar gida mafi kusa ko ɗaukar matsakaici, jimillar mutane takan sauya. A juya ta da hanyar tarawa:

```
gdalwarp -t_srs EPSG:32632 -tr 100 100 -r sum jamaa.tif jamaa_utm.tif
```

Ka ƙirga jimillar mazaɓar da Zonal statistics kafin juyawa da bayan juyawa. Idan bambancin ya wuce kashi 1 ko 2 cikin 100, wani abu ya lalace, ka koma. A misalinmu jimillar ta tsaya a mutum 31,000.

4. Tantance jerin asibitoci

Nan ne aikin yake gyaruwa ko ya lalace, kuma nan ne ake yawan sauri. Ɗigo a taswira yana nuna cewa an taɓa rubuta sunan asibiti a wurin. Bai nuna ko rufinsa na nan ba, ko akwai ma'aikaci, ko ana buɗe shi bayan la'asar. Kwamfuta kuwa za ta ɗauki kowane ɗigo a matsayin cikakken asibiti, ta zana masa da'ira, ta ce mutanen wurin sun wadatu.

Ka buɗe teburin shimfiɗar ka ƙara ginshiƙai uku: ko yana aiki, ko yana da ungozomar asibiti, ko yana buɗe da dare. Ka cike su daga bakin jami'in da ke kula da asibitocin ƙaramar hukumar, sannan a je a gani da ido. A kowane asibiti a tsaya a bakin ƙofa, a sarari, a jira sai wayar ta nuna kuskuren GPS bai wuce mita 10 ba kafin a adana.

Akwai kurakurai uku da ake gani kullum a irin wannan jeri. Na farko shi ne musanya lambobin wuri. Garin Haɗeja yana wajen digiri 12.45 arewa da 10.04 gabas, idan aka juya su, ɗigon zai faɗa can jihar Adamawa. Lokacin shigo da teburi ta Add Delimited Text Layer, ka tabbata X ya ɗauki lambar gabas, Y ya ɗauki ta arewa. Na biyu shi ne gajarta lamba: wanda ya rubuta lamba biyu kawai bayan ɗigo ya bar kuskuren da zai iya kai kilomita guda, don haka a rubuta biyar. Na uku shi ne asibiti ɗaya ya fito sau biyu da suna biyu, ɗaya da sunan gari, ɗaya da sunan unguwa.

A mazaɓar misalinmu jerin ya nuna asibiti uku. Da aka zagaya, ɗaya ne kawai yake karɓar haihuwa. Na biyu iska ta yaye rufinsa an daina amfani da shi, na uku ɗaki biyu ne da ma'aikaci ɗaya mai ba da rigakafi da maganin zazzaɓi. Tunda tambayarmu ta haihuwa ce, na farkon kaɗai zai shiga lissafi. Amma kada a goge sauran biyun, domin wani lokaci gyara wanda ya lalace ya fi sabon gini arha, kuma filinsa zai iya shiga cikin wuraren da za a gwada.

5. Gano mutanen da asibiti bai kai gare su ba

Ka zaɓi asibitocin da suka tsallake tantancewa, har da na mazaɓun maƙwabta, ka yi musu Buffer na mita 5000, ka sa alama a Dissolve result domin da'irorin da suka shiga juna su zama guda, kada a ƙirga mutum sau biyu. Daga nan ka cire wannan da'ira daga kewayen mazaɓa da Difference. Abin da ya rage shi ne yankin da ba a kai ba. Zonal statistics a kan shimfiɗar jama'a, da zaɓin Sum, zai ba ka adadin mutanensa.

A misalinmu mutum 17,500 suna cikin da'irar asibitin da ke aiki, 13,500 suna waje. Da an bar asibitoci ukun nan yadda jerin ya kawo su, waɗanda ke waje da sun sauka zuwa 4,000, wataƙila ma a ce mazaɓar ba ta buƙatar komai. Wannan tazara ta mutum 9,500 daga zagayen babur na mataki na huɗu ta fito.

Yanzu ana son sanin, idan aka tsaya a kowane wuri, mutum nawa daga cikin 13,500 ɗin suke cikin kilomita 5 daga nan. Ka yanke shimfiɗar jama'a da yankin da ba a kai ba, ka cike guraben da babu lamba da sifili ta Fill NoData cells, sannan ka kira r.neighbors daga kayan GRASS da ke cikin QGIS. Ka sa method ya zama sum, size ya zama 101, ka zaɓi da'ira. Dalilin 101 shi ne gida 50 ta kowane gefe, kowanne mita 100, da gidan tsakiya. Zai ɗan jima yana aiki. Sakamakon shimfiɗa ce da ke yin haske a inda sabon asibiti zai tara mutane da yawa.

Hattara: ƙiyasin jama'a ƙiyasi ne. Ƙidayar ƙasa ta ƙarshe a Nijeriya a 2006 aka yi ta, don haka waɗannan lambobi daga hotunan gine-gine da binciken samfuri ake fitar da su. Rugagen Fulani, tungayen masunta da sansanonin waɗanda suka baro gidajensu sukan ɓace ko su fito da adadi kaɗan. Ka kwatanta da jerin matsugunan da masu rigakafin shan-inna suke bi gida-gida, domin su sukan san ƙauyen da taswira ba ta sani ba. Duk wanda ya ɓace ka ƙara shi da hannu.

6. Fitar da wuraren da ba za a yi gini ba

Kafin a fara ba wurare maki, a cire waɗanda ko kusa ba za a taɓa ba: inda ruwa ke kwanciya, cikin kogi da gaɓarsa, maƙabarta, dajin gwamnati, burtali, ƙarƙashin manyan wayoyin lantarki, da kududdufan da aka haƙi ƙasar gini. Ka ƙara wa wuraren ruwa tazarar mita 200, ka tabbata duka sun zama kewaye domin Merge vector layers ba ya haɗa layi da kewaye, sannan ka haɗa su da shi, ka mayar da su hoton gidan dara da Rasterize, yadda wurin da aka hana zai ɗauki 0, wanda aka yarda ya ɗauki 1.

Dalilin raba wannan mataki da na maki shi ne, idan ka sa ambaliya a cikin maki kawai, wuri mai jama'a da yawa a bakin kwalta zai iya tara makin da zai rufe aibinsa, ya fito na ɗaya alhali duk Agusta ruwa yana kai wa taga.

Hattara biyu a nan. A Rasterize ka duba akwatin NoData. Idan an sa masa 0, QGIS zai ɗauki duk sifilinka a matsayin babu bayani, taswirar ƙarshe ta fito da ramuka. Sannan kada ka dogara da bayanan tudu da kwari na SRTM don gane ambaliya a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa irin ta Haɗeja. Gidansa mita 30 ne, kuskurensa a tsayi yakan kai mitoci da dama, alhali a fadama bambancin mita ɗaya ne ke raba gidan da ya tsira da wanda ya rushe. Hoton tauraron ɗan'adam ma yana da nasa rauni, domin a makonnin da ruwa ya fi cika gajimare yakan rufe ƙasa. Ka buga taswirar a babbar takarda, ka kai wa dagaci da dattawan manoma, ka ce su nuna iyakar da ruwa ya kai a 2022. Abin da suka zana ka shigar da shi a matsayin shimfiɗa mai zaman kanta.

7. Ba kowace shimfiɗa maki da nauyi

Ba a tara mutane da mitoci kai tsaye, sai an mayar da su ma'auni guda. Ana amfani da maki 1 zuwa 5, inda 5 ya fi kyau. Nisa daga hanya, daga ruwan ambaliya da daga rijiyar burtsatse ana fitar da su da Proximity (raster distance) bayan an mayar da kowacce hoton gidan dara da Rasterize, a tabbata an zaɓi Georeferenced coordinates domin ya ba da mita. Sai Reclassify by table ya mayar da su maki.

A misalinmu, wurin da zai tara fiye da mutum 9,000 ya sami 5, daga 7,000 zuwa 9,000 ya sami 4, daga 5,000 zuwa 7,000 ya sami 3, haka har ƙasa. Hanyar da ake bi rani da damina, idan tana cikin mita 500 maki 5 ne, zuwa kilomita 1 maki 4, zuwa kilomita 2 maki 3. Nauyin da aka amince da shi: jama'a kashi 50, hanya 25, nisa daga ambaliya 15, ruwan sha 10. A Raster calculator:

```
("jamaa@1"*0.50 + "hanya@1"*0.25 + "ambaliya@1"*0.15
 + "ruwa@1"*0.10) * "izini@1"
```

Shimfiɗar ƙarshe a lissafin ita ce ta mataki na shida. Ninkawa da ita yana mayar da duk wurin da aka hana sifili komai makinsa.

Hattara: ka lura da fuskar maki. Kusanci da hanya alheri ne, kusanci da ambaliya sharri ne, don haka teburinsu kishiyar juna ne. Ana yawan kwafar teburi ɗaya a liƙa wa duka, sai taswira ta fi son bakin kogi. Kuma dukkan shimfiɗun su zama girman gidansu ɗaya, iyakarsu ɗaya. Idan ba haka ba, ka daidaita su da Align rasters.

Nauyin nan ba kwamfuta ce ke ba da shi ba, mutane ne suke yankewa. A ganinmu duk lissafin da ya ba jama'a ƙasa da kashi 40 ya kauce wa dalilin ginin. Ko ma nawa aka tsayar, a rubuta shi da sunayen muƙaman waɗanda suka amince.

8. Sake lissafi da damina

Taswirar makin ta nuna wurare uku masu haske, mu kira su A, B da C. A yana da mutum 11,200 a da'irarsa, mita 300 daga hanya, amma kusa da fadama. Makinsa 5, 5, 2, 4, jimilla 4.45. B yana da 9,400, a kan tudu, kilomita 1.2 daga hanya. Makinsa 5, 3, 5, 3, jimilla 4.30. C yana bakin hanya da mutum 7,800. Makinsa 4, 5, 4, 3, jimilla 4.15. Wanda ya tsaya a nan zai rubuta rahoto ya ce A.

Sai dai da'ira tana auna nisa ne kamar tashin tsuntsu, tana tsallake kogi kamar babu shi. A mazaɓar nan reshen kogi ya ratsa ta, babu gada, da rani ana takawa a ƙafa, daga Yuli zuwa Oktoba sai kwalekwale, shi ma ba da dare ba. Hanya mafi sauƙi ta shigar da wannan ita ce ka raba da'irar kowane wuri da layin kogin ta Split with lines, ka jefar da ɓangaren da ke tsallake, ka sake Zonal statistics a kan wanda ya rage.

Da aka yi haka, mutum 4,300 na da'irar A suka fita, ya koma 6,900, makin jama'arsa ya sauka zuwa 3, jimillarsa ta zama 3.45. B ya rasa 300 kawai, ya tsaya a 9,100 da jimillar 4.30. C ya koma 7,600, jimillarsa ba ta motsa daga 4.15 ba. Na ɗaya ya zama na ƙarshe. Kuma damina ita ce lokacin da zazzaɓin cizon sauro ya fi kwantar da yara, wato lokacin da aka fi buƙatar asibitin.

Wanda yake son abin da ya fi wannan daidaito sai ya auna da lokacin tafiya. Ana ba kowane gida mintocin da ake ɗauka a ratsa shi: mai tafiya kilomita 4 a awa yana cin minti 1.5 a mita 100, babur mai gudun kilomita 20 a awa yana cin minti 0.3, kogi kuma a rufe shi sai a mashigi. r.cost yana yin wannan lissafi, haka ma AccessMod ta Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda don irin wannan aiki aka yi ta. A sa gudun mace mai naƙuda ko uwa mai goyo, ba na saurayi ba. A kuma duba hanyoyin OpenStreetMap da kyau, domin a karkara yawancin hanyoyin babur ba a zana su ba, waɗanda aka zana kuma ba a faɗi ko suna yankewa da damina ba. 'Yan acaɓa da direbobin tasha su ne suka san wannan.

9. Jijjiga nauyin ka gani ko amsar za ta tsaya

Tazarar B da C 0.15 ce kawai. Ka rage nauyin jama'a zuwa 40, ka ɗaga na hanya zuwa 35, ka sake lissafi: B ya zama 4.10, C ya zama 4.25. Sun yi musanya. Wannan yana nufin taswira ba ta raba gardama tsakaninsu ba, kuma rashin gaskiya ne a kai rahoto a ce kwamfuta ta zaɓi B. Abin da za a faɗa wa masu yanke hukunci shi ne: A ya fita ta kowace fuska, B zai kai ga mutum 1,500 fiye da C, amma sai an yi masa hanyar kilomita 1.2 da za ta ɗauki motar ɗaukar marasa lafiya da damina. Idan akwai kuɗin hanyar, B. Idan babu, kuma babu alamar samu, C ya fi asibitin da mota ba za ta kai gare shi ba wata huɗu a shekara.

10. Taka ƙafa zuwa wuraren da suka rage

Gidan dara mai mita 100 yanki yake nunawa, bai nuna fegi ba. A ɗora B da C a QField a je, in son samu ne a cikin damina. A auna filin da ake da shi; ƙa'idar NPHCDA ga cibiyar lafiya ta mazaɓa murabba'in mita 4,200 ne, kusan mita 60 sau 70, kuma yana da kyau a bar wurin gidan ma'aikata, domin ungozomar da ke kwana a wani gari ba za ta karɓi haihuwar tsakar dare ba. A duba ƙasar: laka mai tsagewa da rani tana fasa gini, tana kuma ƙara kuɗin harsashi. A tambayi masu haƙar rijiya zurfin ruwa a wurin. A gwada sabis ɗin waya na kamfani fiye da ɗaya, saboda kiran mota idan haihuwa ta zo da gardama.

Sai maganar mallaka. A ƙarƙashin dokar amfani da ƙasa ta 1978, filin karkara ƙaramar hukuma ce ke ba da izinin mallakarsa, amma gonar gado tana da magada, kuma kyautar da mutum ɗaya ya yi da baki takan zama shari'a bayan an kai linta. A rubuta takarda, magada su sa hannu gaban dagaci da hakimi. A kuma tambayi mata, su kaɗai ba a gaban maza ba, ko za su je wurin. Akwai ƙauyukan da ke kusa a taswira amma tsohuwar rigimar gona ko ta sarauta ta hana mutanen ɗaya shiga ɗaya, akwai kuma inda kowa ya saba bin hanyar kasuwar mako, asibitin da ke kan wannan hanya ya fi samun masu zuwa ko da ya ɗan fi nisa.

11. Haɗa rahoto

A Print Layout ka fitar da taswira uku: ta mutanen da ba a kai gare su ba, ta wuraren da aka hana, da ta wuraren da aka gwada da adadin mutanen kowanne rani da damina. A ƙasan kowacce ka rubuta inda aka samo kowace shimfiɗa da shekararta. Ka adana komai a fayil ɗin GeoPackage guda tare da fayil ɗin aikin, domin idan aka matsar da shimfiɗu zuwa wata jaka daban QGIS zai buɗe da alamomin gargaɗi ya ce bai gan su ba.

Rahoton ya faɗi waɗanda har yanzu ba a kai gare su ba. Idan aka gina a B, mutum 4,400 sun rage, 4,300 daga cikinsu a tsallaken kogi. Ka ware musu shafi, da sunayen ƙauyukansu da adadin kowanne, da mashigin da suke bi, da nisan da ke tsakaninsu da asibiti mafi kusa a nasu ɓangaren ko da a wata ƙaramar hukuma yake. Da wannan shafi sashen lafiya zai tsara ko ƙaramin wurin shan magani za a buɗe musu, ko ma'aikata za su riƙa kai musu ziyara da magani kafin ruwa ya cika a Yuli.